Yadda ake jin gaskiyar mai neman aiki daga bakin tsohon maigidansa

Tambaya: “Zan ɗauki yaro mai riƙe mini mabuɗin mangaza, ya ba ni lambar wayar mutum 2 da ya ce ya yi wa aiki. Me zan tambaye su, kuma yaya zan gane idan suna ɓoye mini wani abu?”

Wa’alaikumus salam, Alhaji. Na daɗe ina ɗaukar yara a shagona na kayan masarufi da ke kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma abin da na fara koya shi ne, lambar da yaro ya ba ka ba ita ce shaida ba, domin babu mai haɗa ka da wanda zai kushe shi. Kafin ka kira, ka tambayi yaron sunan shagon da layin da yake da irin kayan da ake sayarwa, sannan ka nemi maigidan ta wata hanya dabam, ko ta maƙwabcin shago ko ta wani direba da ke kai masa kaya. Idan a cikin gari yake, ka taka da ƙafarka bayan la’asar lokacin da ciniki ya lafa, domin fuska tana faɗin abin da waya take ɓoyewa. Idan ya kawo takardar shaidar aiki, ka sani ranar shiga da ranar fita da irin aikin kawai take nunawa, ba ta maganar hali.

Kada ka tambaya ko yaron kirki ne. A garin nan babu mai son a ce shi ya toshe wa ɗan wani hanyar abinci, saboda haka amsar da za ka samu ita ce “ba shi da laifi”, kuma ba ta ƙara maka komai ba. Ka tambayi abin da ya faru a zahiri: yaushe ya fara, yaushe ya bari, wane ne yake buɗe shago da safe, ko an taɓa aikensa shi kaɗai da kuɗi, kuma nawa ne mafi yawa da ya taɓa riƙewa. Wanda ya zauna da yaro da gaske yana amsa waɗannan ba tare da dogon tunani ba, har ya haɗa maka da labari. Aboki da aka shirya ya tsaya a matsayin maigida kuwa yabo yake zubawa, amma da ka nemi wata ko adadi sai ya fara kame-kame.

Na taɓa bincike a kan wani yaro da ya ce ya yi shekara 2 a wajen wani dattijo mai sayar da shinkafa da mai. Dattijon ya yabe shi a kan salla da sammako da ladabi. Da na ce, “Baba, in ya dawo gobe za ka sake ba shi mabuɗin mangaza?” sai ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya kalli titi, sannan ya ce, “To, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kai dai ka riƙa ƙirga kayanka.” Ban cika masa shirun da surutuna ba, kuma ina ganin nan ne mafi yawanmu muke kuskure, muna saurin cewa “ba komai” don mu fitar da mutum daga kunya. Na jira, sannan na ce amana ce zan ɗora masa, kuma maganar ba za ta wuce tsakaninmu ba. Sai ya faɗa mini cewa yaron ba ya ɗaukar kuɗi, amma yana ba abokansa kaya bashi ba da izini ba, har aka taɓa samun giɓin jaka 85 da aka yi wata 4 ana bi.

Ka lura da inda jinkirin ya faɗo. Idan mutum ya yi jinkiri a kan kwanan wata, mantuwa ce kawai. Idan yana magana da sakin jiki sai ya tsaya cak a kan kuɗi ko dalilin barin aiki, ko ka tambayi amana ya amsa maka da ƙwazo, to a nan matsalar take. Amma ka yi adalci, domin wani jinkirin na jin haushi ne: akwai maigidan da yake ɓata yaro saboda ya tafi ya bar shi, ko saboda yaron ya nemi haƙƙinsa da aka riƙe. Shi ya sa nake tambayar mutum na 2 wannan batu ɗaya ba tare da na faɗa masa abin da na ji ba, kuma nake ba yaron dama ya faɗi nasa ɓangaren.

Shi wancan yaron da na tambaye shi bai musa ba. Na ɗauke shi a kan gwajin wata 3, na bar littafin bashi a hannuna, muna ƙirga buhuna tare kowace Alhamis da yamma, kuma sai a wata na 4 na miƙa masa mabuɗin.