Kafin ka sayi rodi, tona rami tukuna

Tambaya: "Jama'a na samu fili gefen Dundaye, ɗaki uku da falo nika son yi. Wajen harsashin ginin, birkila ya ce sitirif ya isa, wani ya ce sai raf, wani kuma fad. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duk ukun ba wanda zai iya gaya maka daga bakin titi, ƙasar ce ka zaɓa ba birkila ba. Sa yara su tona maka rami biyu ko uku kamar mita 1.5, ɗaya ta gefen da ruwa ka kwanciya da damina, ka bar su su kwana.

In kun iske jar ƙasa mai tsauri ko marmara, wadda sai da diga, to sitirif ya ishe ka. Kankare ne a bi ƙarƙashin kowane bango, in bulo inci 9 ne faɗi 675mm kauri 225mm munka saba zubawa. Shi ya fi sauƙin kuɗi kuma ba laifinai ga ƙasa mai kyau. Fad kuwa na ƙarƙashin fila ne, wato ginshiƙin kankare, sai in bene kaka nufi nan gaba, kuma shi ma ƙasa mai ƙarfi yaka so tunda nauyin wuri guda yaka taruwa.

Amma gefenku fadamar Rima na kusa, shi yasa nika jin tsoro. Ɗebo ƙasar gindin ramin ka jiƙa ta ka murza a tafin hannu, in ta yi igiya ba ta karye ba laka ce. Laka da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, gini na bisa yana hawa yana sauka amma ba tare ba. Nan raf ka aiki, faifan kankare guda da rodi da bim ƙarƙashin gidan duka, in zai motsa ya motsa gaba ɗai. Haka in kun iske ruwa ya taru a ramin da safe, ko kun tono leda da tsumma, wato ciko ne.

Ni dai na sha wannan. Gidan ƙanena munka yi da sitirif, ashe tsohuwar kududdufi ce anka cike da shara, mai filin bai faɗi ba mu kuma ba mu tona ba. Damina ta biyu tsaga ta fito daga kusurwar taga a karkace kamar matakala, sama ta fi faɗi, ƙofar kicin ta daina rufuwa sai da kafinta ya fere ta. Munka liƙe da siminti, da rani ta sake buɗewa har da tsinken tsintsiya na shiga. Tsagar filasta siririya ce ba ta girma, wagga kullum ƙaruwa takai.

Kaurin raf da girman rodi kar ka bar wa birkila, injiniya zai lissafa bayan ya ga ramin da idonai. In kun tona turo mana hoton bangon ramin da na ƙasar da anka fiddo.