Ƙugun ya yi kyau, ƙofa kuma ta karkace

“Oga, na rage wa wata mata ƙugu da Liquify, jikin ya fito daidai, amma bakin ƙofar da ke bayanta ya lanƙwashe. Me ya jawo haka?”

Liquify, abin tura sassan hoto a Photoshop, bai san mutum ba, bai san bango ba. Shiga da Shift+Ctrl+X ka kunna Show Mesh, za ka ga raga shimfiɗe a kan hoton gaba ɗaya. Ragar nan kake ja, ba matar ba, kamar ka kama tsakiyar zanin gado ka ja, dole gefensa ya biyo. In ka tura ƙugu ciki da Forward Warp, gurbin da jikin ya bari ba ya zama fanko, abin da ke bayanta ne ake miƙowa ya cike shi. Duk abin da ya shiga da'irar buroshinka sai ya motsa, na tsakiya da yawa, na baki kaɗan. Bambancin nan shi ke mayar da miƙaƙƙen layi baka.

Kuma ba kowane layi ke tona asiri ba. Ƙugu gefe ake tura shi, don haka layin da ke tsaye, irin bakin ƙofa, ginshiƙi ko ninkin labule, shi ke lanƙwasa. Wanda ke kwance a saitin turin ba ya karkacewa, tsawo kawai yake ƙarawa, sai dai in tayil ne za ka ga ɗaya ya fi 'yan'uwansa faɗi.

Wannan aikin ya taɓa jawo wa shagon nan asarar da har yau take min ciwo. Hoton amarya ne daga Jekadafari, tana tsaye cikin leshi, ƙofar falo tazarar tafin hannu daga ƙugunta. Yaron da ke wurina lokacin ya bar Pressure, wato ƙarfin turin buroshi, a 100, ya ɗauki ƙaramin buroshi ya yi ta dannawa, ya duba a waya ya ce ya yi. Aka wanke shi inci 20 da 30, aka sa firam. Ana jingina shi sai ga bakin ƙofa ya yi ciki daidai ƙugunta, furannin leshin sun zama ƙwai, awarwaron hannun da yaron ya rage ma ya motse. Yayar amarya, wadda da bakinta ta ce a ƙara ragewa, ita ta fara cewa an mayar da ƙanwarta abin dariya. Suka hana cikon kuɗi, suka riƙe hotunan da aka tura musu ta waya, na wanke sabo daga aljihuna. Ku yaran yanzu allon waya ne alƙalinku, alhali takarda ba ta rufa wa kowa asiri.

Kafin ka shiga Liquify, kwafi leyar hoton da Ctrl+J ka mayar da kwafin Smart Object, don ka iya komawa ciki ka gyara daga baya. Buroshi ya zama babba, faɗinsa ya rufe daga ƙasan haƙarƙari zuwa kwankwaso, don ƙarami rami-rami yake bari a gefen jiki. Sauke Pressure zuwa wajen 20 ko 30, ka ɗora tsakiyar buroshin a kan gefen jikin, ka tura kaɗan-kaɗan. Kafin ka taɓa komai, danna F ka shafe ƙofar da Freeze Mask, inda ya yi ja ba zai motsa ba. Amma kada ka ɗauka ka tsira. Miƙewar da da za ta bazu yanzu ta taru a siririn filin da ke tsakanin inda ya yi ja da jikin. In filin bango ne zalla, ba komai. In ƙofar manne take da jikinta, wurin zai dame ko layin ya karye.

A irin wannan hali raba su za ka yi. Zaɓe ta da Select Subject, gyara bakin zaɓin, ka ɗaga ta kan leyarta da Ctrl+J. A leyar ƙasa ka cike gefen ƙugu da damtse da Clone Stamp, kana bin layin ƙofar har ya shige ƙarƙashin jikin fiye da inda za ka rage. Sannan ka yi Liquify a leyar sama kaɗai. Bango ba ya cikin ragar, ba abin da zai taɓa shi. A damtse ka kula da lalle da awarwaro, su suna leyar da kake ja, sai ka daskarar da su da Freeze Mask.

In ka gama, jawo layin Guide ka ɗora a bakin ƙofar, ka zuƙo hoton zuwa 100%, ka riƙa kashe leyar da ka yi wa Liquify kana kunnawa. Duk abin da ya yi rawa a baya, ka taɓa shi. Sake buɗe Liquify ɗin da ke kan Smart Object ɗin, ka danna R, ka shafa Reconstruct, mai mayar da abu inda yake, a wurin har ya hau layin. Wanda ke hannunka yanzu kada ka tsaya lallaɓa shi, ɗauko na asali ka sake, kuma ban yarda a kai shi wanki ba sai na gani.