Ina So In Ba Da Hayar Shago, Amma Ina Tsoron Ɗan Haya Ya Ƙi Tashi

Tambaya: Ina da shago a jikin gidana a Gwagwalada wanda mai gidana ya bari, kuma ina so in ba da shi haya don kuɗin makarantar yara. Tsorona shi ne wanda ya shiga ya daina biya kuma ya ƙi fita. Maƙwabta sun ce idan haka ta faru, sai kawai in sa kwaɗo ko in cire ƙofa. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mai gida. Shawarar maƙwabtan nan ba daidai ba ce, kuma kusan kullum ina haɗuwa da waɗanda ta jefa cikin asara. Ko da ɗan haya ya yi shekara bai biya ba, doka ba ta yarda mai shago ya kulle shi, ko ya kware rufi, ko ya watso kaya waje ba. Kotu kaɗai ke da hurumin fitar da shi. Ranar da kika sa kwaɗo, ke da kike bin bashi za ki koma wadda ake ƙara, domin zai nemi diyyar kayan da zai ce sun lalace da cinikin da ya rasa, kuma diyyar tana iya zarce kuɗin hayar. Dillalan da ke zuga mutane su ɗauko 'yan daba ko su kira 'yan sanda suna ba ni takaici, domin bashin haya ba aikin ofishin 'yan sanda ba ne, kuma ranar shari'a ba za ki ga ko ɗaya daga cikin masu zugar ba.

A dokar Abuja, idan babu yarjejeniyar da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan shekara-shekara kuwa wata 6. Bayan wa'adin ya cika, a ba shi takardar kwana 7 mai sanar da shi niyyar zuwa kotu, sannan a shigar da ƙara.

A nan ne rubutacciyar yarjejeniya take ceton ki. A ce kin ba shi shagon a kan naira 300,000 ranar 1 ga Janairu da baki kawai, yana sabuntawa duk shekara. Idan kina so ya tashi ranar 31 ga Disamba, sai notis ya isa hannunsa kafin ƙarshen Yuni. Amma idan an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, to da wa'adin ya ƙare takardar kwana 7 ta wadatar.

Saboda haka lauya ya rubuta miki yarjejeniya mai ranar farawa da ta ƙarewa, da sana'ar da za a yi, da sharaɗin kada ya ba wani haya, ku sa hannu gaban shaidu biyu. Idan shekara ta cika, kada ki karɓi sabon kuɗi sai an sa hannu a sabuwar takarda, domin karɓar kuɗin haka kawai tana iya mayar da hayar ta shekara-shekara, wata shidan nan kuma su hau kanki.