Tarar da hukuma ta yanka da kanta

"Yallaɓai, wata hukuma ta aiko wa wanda muke tsaya wa a matsayin lauyoyi takardar tara, ta ce bisa ƙa'idarta ce. Tunda majalisa ce ta kafa hukumar, ai abin da ta rubuta ya zama doka ko? In ce masa ya biya kawai?"

Yaro, kada in sake jin kalmar "kawai" a bakinka kan kuɗin mutane. Ba zan zauna ina koya maka cewa majalisa ke yin doka, ɓangaren zartaswa ke aiwatarwa, kotu ke yanke hukunci ba, wannan ko mai share ofis ya sani. Abin da ku 'yan yanzu ba ku gane ba shi ne ikon hukuma na aro ne. Iyakar abin da majalisa ta ara mata a rubuce, shi ne iyakarta.

Saboda haka ajiye takardar tarar, ka ɗauko dokar da ta kafa hukumar, ita kanta, ba taƙaitawar da kuke dubawa a waya ba. Nemo sashen da ya ba da ikon yin ƙa'idoji, ka ga ko ya ambaci kuɗi ƙarara. Izinin "sa ido" ko "tsara harka" bai haɗa da izinin karɓar kuɗi ba. An daɗe da tsayar da wannan. A Ingila, jami'in da ke kula da abinci ya sa wa kamfanin Wilts United Dairies sharaɗin biyan kwabo biyu kan kowane galan na madara kafin ya ba shi lasisi. Kamfanin ma ya amince. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara a 1921, da kotun ƙoli ta Majalisar Iyayen Ƙasa a 1922, suka ce kuɗin bai halatta ba, domin ɗora wa jama'a kuɗi aikin majalisa ne, kuma ba ta bayar da wannan izini ba.

Sai ka koma sashen hukunci. Idan ya ce "wanda aka samu da laifi zai biya tara", wa ke samun mutum da laifi? Kotu. Hukumar da ta zargi mutum, ta kawo shaida, ta yanke hukunci, ta kuma karɓi kuɗin, ta hau kujerar alƙali. Akwai dokokin da ke bai wa hukuma damar yin tara da kanta, amma za ka gan shi a rubuce, kuma dole a saurari mutum tukuna, a bar masa ƙofar zuwa kotu.

Wannan tambaya taka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wani mai masana'anta ya kawo irin takardar nan sak: ya biya cikin kwana 14 ko a rufe masa wuri. Dokar ta ce tara sai bayan an samu mutum da laifi, ba a kuwa taɓa gurfanar da shi ba. Ga kuma aibi na biyu, doka ta bai wa kwamitin gudanarwa iko, amma wani darakta ne ya sa hannu shi kaɗai, alhali wanda aka miƙa wa iko ba ya miƙa shi ga wani sai doka ta yarje. Shari'a ce da ko da ido ɗaya za a ci ta. An ce masa kada ya biya, a shigar da buƙatar kotu ta duba matakin, a nemi umarnin dakatar da rufewa. In kuma tsoro ya fi ƙarfinsa, ya biya tare da wasiƙar da ke cewa bai amince ba, dole ce ta sa, kuma zai nemi kuɗinsa.

Sai ya zagaye ya tafi wurin hukumar shi kaɗai. Aka rage masa kaɗan, ya sa hannu a takardar sulhu mai ɗauke da amsa laifi, ya fito yana murna ya yi wayo. Bayan wata biyar hukumar ta dawo da sabuwar tara, wai ya maimaita laifi, hujjarta kuwa sa hannunsa. Sannan ya tuna da lauya. Wa'adin ƙalubalantar matakin hukuma gajere ne, a kotuna da yawa wata uku ne, na tarar farko ya riga ya wuce. Alƙali bai ko kai ga maganar rabon iko ba, ya kori ƙarar kan makara. Mutumin nan ya hana kuɗin aikin wata shida, yana yawo yana cewa lauyansa ne ya kayar da shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dubi kwanan watan da ke kan takardar nan ka ƙirga kwanakin da suka rage. Ka kira wanda muke tsaya wa yanzu ka ce kada ya sa hannu a komai, sannan ka kawo mini dokar da jaridar gwamnati da aka wallafa ƙa'idar a ciki, in ma an wallafa ta, kafin la'asar.