Jera shaidar kwastomomi a hotuna yadda za a yi oda

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa sabulun salo da man kaɗanya a Gumel, kwastomomi na turo min yabo a WhatsApp. Me zan rubuta a hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram don a riƙa yin oda?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a nema. Ni ma sana'ata ke nan a nan Ringim, kuma abin da na lura shi ne "Hajiya kayanki sun yi, Allah ya ƙara kasuwa" ba ya sa kowa ciro kuɗi. Addu'a ce mai daɗi, amma mai karantawa ba ta ga damuwarta a ciki ba. Ki koma wurin wadda ta yaba ki tambaye ta: me ke damun fatarki da, tsawon yaushe kika yi amfani da shi, me ya canza? Amsarta ita ce shaidar.

Hotuna biyar sun ishe ki. Na farko tambaya ce da manyan baƙaƙe: "Faso da kaushi sun hana ki sakewa a hunturun nan?" Uku na tsakiya kowanne shaida ɗaya, da bakin mai ita, kada ki gyara mata Hausa. Misali: "Dunduniyata har jini take yi. Sati biyu ina shafa man da daddare in sa safa, yanzu ta haɗe." A ƙasa ki sa "wata uwar gida daga Maigatari". Idan hoton hirarku za ki ɗora, ki nemi izininta tukuna, ki goge suna da lamba da fuskarta. Garuruwanmu kowa ya san kowa, matar aure ba za ta so a gane ta ba.

Don Allah ki bar shaidar da ke cewa "na yi fari cikin kwana uku". Man kaɗanya laushi yake sa wa fata, ba ya canza launi. Za a zarge ki da zuba sinadarin bilicin, wadda ta saya don haske kuma ta dawo da faɗa.

Hoton ƙarshe umarni ɗaya tak, da farashi a fili: "Man kaɗanya ƙaramar roba ₦2,500. Turo kalmar MAI ta WhatsApp a wannan lamba. Oda na rufewa Laraba da yamma, muna ba direba kaya Alhamis, ranar kasuwar Maigatari." Ban da "DM for price", mata da yawa kunyar tambaya suke ji, sai su wuce.

Lambar da ke jikin hoto ba ta dannuwa, saboda haka ki maimaita ta a rubutun ƙasa, ki sa mahaɗin `wa.me` mai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye a shafinki. In kika ga ana ta so amma ba saƙo, hoton ƙarshen za ki fara dubawa.