Sau nawa za a sake gwadawa kafin a haƙura?

"Manhajarmu a Tawa tana jawo farashin albasa kowace safiya, amma sabar takan yanke. Sau nawa zan sake gwadawa?"

Malam, fara duba amsar sabar. In lambar `503` ce ko `429`, wato sabar ba ta iya amsawa yanzu ko buƙatu sun yi yawa, jira daƙiƙa 1, sai 2, 4, 8, 16, kana ƙara ɗan jinkiri na kan-mai-uwa-da-wabi, kada duk wayoyinku su afka mata lokaci guda. Jimillar jiran daƙiƙa 31 ke nan, ban da ɗan ƙarin jinkirin. In ta aiko `Retry-After`, wato lokacin da ta ce a jira, bi shi.

Amma `401` ko `404`, wato makullin shiga bai karɓu ba ko babu abin da ake nema a adireshin, tsaya nan take, jira ba ya gyara makullin da ya lalace.

Bayan maimaici na biyar ka haƙura, ka bar farashin jiya da kwanan watansa a fili. Roƙona, kada ka shafe shi da teburin da babu komai, ɗan kasuwa zai ɗauka babu ciniki.