Odata ta maƙale a kan "Shipped", in soke ko in jira?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi injin markaɗe a wani shagon intanet, an cire kuɗina, yau kwana shida ana nuna mini Shipped. Ina Birnin Kebbi. In soke ne ko in jira?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina aiki a ofishin karɓar saƙo a nan garin. Abin da ke kan waya ba ya nuna inda kaya suke a yanzu. Yana nuna hannun ƙarshe da ya ɗora na'ura a kan lambar kwalin ne kawai.

Matakan farko ba su da wuya. Placed ko Pending na nufin an rubuta odarki amma kuɗi bai tabbata ba. Paid ko Confirmed, kuɗi ya shiga. Packed, an naɗe kaya an manna takarda, amma suna ɗakin mai shago. Har zuwa nan sokewa abu ne mai sauƙi a yawancin shaguna, domin ba a biya mota ba.

Shipped kuwa, kaya sun bar hannun mai shago sun koma na kamfanin jigila. Daga nan maɓallin sokewa yakan ɓace. Sai dai akwai wayo: wasu masu shago da sun buga takardar jigila sai su danna Shipped, kwalin kuma yana nan a ƙarƙashin tebur. Ga yadda za ki gane. Ki ɗauki lambar bin sawu ki saka a shafin kamfanin jigilar, ba na shagon ba. In kin ga Label created ko makamancinsa kaɗai, ba sunan gari, ba a ɗauka ba tukuna, mai shago za ki matsa wa. In kin ga an karɓa a Legas ranar kaza, to suna hanya. Kwali ɗaya ba ya tayar da mota. Sai a tara na Arewa a kai babban ɗakin rarrabawa, a sake ware na Sakkwato da Kabi, a jira lodi ya cika. Tsakanin ɗaki da ɗaki babu mai taɓa lambar, shi ya sa wayarki ta yi shiru. Kwana shida zuwa nan bai kai abin tayar da hankali ba, muddin ranar da suka yi miki alkawari ba ta wuce ba.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne Delivered, wato alamar kaya sun shiga hannunki. Wa'adin mayar da kaya daga lokacin da aka danna shi yake fara ƙirga, ba daga ranar da kika buɗe kwali ba. Shaguna da yawa kwana 7 suke bayarwa, ki duba na naki.

Wata baiwar Allah daga Jega ta sayi irin injin nan. Ranar Alhamis ɗan aike ya kira ta, ya ce kaya sun iso amma ba zai samu zuwa ba, ta karanto masa lambar sirrin da aka turo mata "don a ajiye mata". Ta karanta. Nan take oda ta koma Delivered, shi ya cika lissafinsa na ranar. Kwalin bai shiga hannunta ba sai Talata, kwana biyar sun tafi. Wuta kuma, kun san halinta, ba ta samu gwadawa ba sai Juma'a, ta ji injin yana ƙugi, wuƙar ba ta juyawa. Ta shiga neman Return, wa'adi ya cika tun jiya. A takarda ita ce ta karɓa da kanta, tunda lambar nan sa hannunta ce.

Saboda haka kada lambar sirrin ta fita bakinki sai kwali yana gabanki. Ki duba ko an farke salatif an sake mannawa. Ki sa yaro ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun kafin ki yanka, takardar da ke jikin kwalin ta fito sosai. A ranar ki gwada, ko da a shagon mai janareta ne. Kwali da leda da ƙaramin littafin ciki, kada yara su yi wasa da su, ana ƙin karɓar kaya saboda rashinsu.

In ta kai ga mayarwa, Returned ba ya nufin kuɗi ya dawo. Kaya ne suka koma, sai an duba su kafin a rubuta Refunded. Wajen cike fom ki lura da inda kika zaɓa a zuba kuɗin, domin wasu asusun cikin manhajarsu suke sakawa, ba bankinki ba.

Ni dai a ganina ki jira ranar alkawarin, amma yau ɗin nan ki duba lambar bin sawun. In ranar ta wuce, ki rubuta ƙorafi a cikin manhajar da lambar odarki, ki ɗauki hoton allon ki ajiye. Kiran waya ba ya barin shaida.